Yadda Ake Sa Takarda Ta Yi Tafiya a Fim ɗin Waya

A 1926 wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta fitar da dogon fim a kan Yarima Ahmad wanda 'yan wasansa duka yankakken kwali ne. Takan ɗan gusa kwalin, a ɗauki hoto, ta sake gusawa. Idan aka jera hotunan da sauri, sai ido ya ga motsi. Yau wayar hannu ta isa yin wannan aiki, amma da sharaɗi guda: tsakanin hoto da hoto, kada komai ya sauya sai takardar.

Abin da ya fi yawan karya sharaɗin shi ne wayar kanta. Ka kwantar da ita a bakin tebur, kyamararta na kallon ƙasa, ka danne ta da littafi mai nauyi. Takardar shimfiɗa kuma ka manne ta da salatif. Kada ka taɓa wayar wajen ɗauka, domin ɗan yatsa ma yana gusar da ita. A wayoyi da yawa, maɓallin ƙara sauti na iyafis yana ɗaukar hoto. Idan ka kalli fim ɗin ka ga gefunan shimfiɗar suna rawa, to wayar ce ta motsa.

Sai kuma ƙyaftawar haske, wato wani hoto ya fito da haske, na bayansa da duhu. Hasken rana yana sauyawa da wucewar gajimare, don haka rufe taga ka kunna fitila. Waya ma takan gyara haskenta da kanta duk lokacin da hannunka ya gifta. Danna allon ka riƙe har alamar kullewa ta bayyana. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen kuma suna ƙyaftawa tare da ita. Alamar haka ita ce ratsin duhu a hoto. Idan manhajarka ta ba da dama, sa saurin ɗauka a 1/50. Kuma ka sa baƙar riga, domin fara tana mayar da haske kan takardar.

Fim ɗin silima yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, amma 12 sun wadatar da takarda. A ce motar kwali za ta ratsa santimita 24 cikin daƙiƙa 2. Hotuna 24 ke nan, kusan santimita 1 a kowanne. Sai dai mota ba ta tashi da cikakken gudu. Fara da milimita 2, sai 5, sai 8, ka ɗan zarce santimita a tsakiya, sannan ka rage haka kafin tsayawa. Manhaja irin Stop Motion Studio tana nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, ka ga tazarar da idonka.

Kafin ka shiga fim na daƙiƙa 10, mai cin hoto 120, ɗauki 12 ba tare da ka taɓa takardar ba, ka kunna. Duk abin da ya motsa ko ya ƙyafta, shi za ka fara gyarawa.