Ƙwallo a Ƙololuwar Tashinta: Akselareshan Sifiri Ne?

Akwai wata tambaya a darasin fiziks da ke kayar da ɗaliban sakandare, har da masu ƙoƙarin: idan aka cilla ƙwallo sama ta kai inda ba za ta ƙara gaba ba, nawa ne akselareshan ɗinta? Akselareshan shi ne yawan canjin da gudun abu yake yi a kowane sakan. Kan wannan wasu ɗalibai biyu, ya da ƙanwa, suka yi musu suna bitar jarrabawa.

Yayar ta ce, "Sifiri ne mana. Ta daina hawa, ba ta fara saukowa ba. Abin da ya tsaya cak, ina ya ga akselareshan?"

Ƙanwar ta ce, "Yaya, gudunta ne sifiri, wannan na yarda. Amma mu lissafa. A ce an cilla ta da gudun mita 20 a sakan. Ƙarfin jan ƙasa yana zaftare mata kusan mita 10 a sakan, duk sakan ɗaya. Bayan sakan 1 saura 10. A sakan 2 gudun ya ƙare, tana mita 20 sama da hannun mai jifa. A sakan 3 fa?"

"Tana saukowa da gudun mita 10."

"To kin gani. Daga sakan 1 zuwa 2 canjin 10 ne, daga 2 zuwa 3 ma 10 ne, duk wajen ƙasa. Gudun ya ratsa ta kan sifiri ne ya wuce. A ina jan ƙasan ya huta?"

Yayar ba ta sallama ba. Ta ce ai a wannan ƙiftawar ido ɗin ƙarfin jifa da jan ƙasa sun yi kunnen doki.

Nan ne tushen kuskuren, kuma a ganina ya fi na farkon yawa a bakin mutane. Hannu yana tura ƙwallo ne muddin yana taɓa ta. Da ta rabu da shi, babu sauran ƙarfin jifa da ke rakiyarta. Gudu kawai ta tafi da shi. Iska ma tana tare abu ne idan yana motsi a cikinta, don haka a ƙololuwa, in babu iska mai kaɗawa, jan ƙasa kaɗai ya rage.

Ƙanwar ta ƙara da cewa, "Yaya, in gudu sifiri ne, canjinsa ma sifiri, me zai sauko da ita? Da sai ta maƙale a sama."

Wannan ita ce dokar motsi ta farko da Isaac Newton ya wallafa a 1687: abin da ke tsaye yana nan tsaye sai wani ƙarfi ya motsa shi. Ƙanwar ce da gaskiya. A ƙololuwa gudun ƙwallo sifiri ne, akselareshan ɗinta kuwa kusan 9.8 m/s² ne wajen ƙasa, daidai da na lokacin hawa da na saukowa.