Dalilin da Ya Sa Mafarki Ke Zuwa a Hargitse

Barcin mutum hawa-hawa ne, kuma yana kewayawa kusan duk minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A kowane zagaye mutum kan fara da gyangyaɗi, ya nutsa cikin barci mai nauyi, sannan ya shiga wani mataki da idanunsa ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido. Wannan shi ne barcin motsin ido, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Cikago suka bayyana a 1953. Sun lura cewa idan aka tashi mutum a daidai wannan lokaci, galibi yakan ce mafarki yake yi. Barcin motsin ido na farkon dare gajere ne, bai cika wuce minti goma ba, amma na gab da asuba yakan kai rabin awa ko fiye.

A wannan mataki ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta wanda yake farke, sai dai ba duka sassanta ba. Sassan da ke kula da hotuna da tsoro da shauƙi suna tashi haiƙan. Sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda ke auna magana ya ce wannan ba zai yiwu ba, sai ya yi sanyi. Shi ya sa mai mafarki zai ga marigayi kakansa yana tuƙa keke-napep, ko a jikinsa, ba zai yi mamaki ba sai bayan ya farka.

To, daga ina hotunan suke fitowa? Abin da mutum ya gani da rana yana fara sauka ne a wani ɗan sashe mai suna hifokamfas, kamar yadda ake sauke kaya a bakin shago kafin a jera su. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun nuna cewa ƙwayoyin wannan sashe a ƙwaƙwalwar ɓera suna maimaita aikin da suka yi da rana yayin da yake barci. Irin wannan bita, wadda aka fi gani a barci mai nauyi, ita ke taimakawa sabon abu ya zauna daram. Masana da yawa na ganin cewa a barcin motsin ido ne ake gwada sabon abin da tsofaffi, ana neman inda suka yi kama. Kamar da ake bi kuwa sau da yawa ta yadda abin ya taɓa zuciya ce, babu ruwanta da shekara ko gari.

A ɗauki misalin ɗan Sakkwato mai sayar da albasa a Anaca. Da rana ya yi cacar baki da wani mai saye kan bashi, da yamma an bugo masa waya daga gida cewa mahaifiyarsa ba ta jin daɗi. Gab da asuba sai ya yi mafarki yana zauren gidansu, amma ƙofar zauren ta buɗe ne kan gadar kogin Neja, malaminsa na makarantar allo yana binsa bashi da harshen Ibo. Kowane yanki yana da asali. Bashin na jiya ne, zauren ya zo ne saboda wayar, malamin kuma shi ne mutumin farko da ya taɓa sa shi irin wannan faɗuwar gaba. Haka abin yake ga mai fawa a Fatakwal ko dillalin shanu a Inugu: wanda rayuwarsa ta rabu gida biyu, da harsuna biyu ko uku, yana da kayan haɗi da yawa.

A lokacin barcin motsin ido jiki a sake yake, ƙwaƙwalwa ta kashe ƙarfin hannuwa da ƙafafu don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya dawo kafin jiki ya saku, mutum zai ji ya kasa motsi, kamar an danne masa ƙirji. Wannan ne dannau, kuma ya fi kama masu raba dare irin masu gadi da direbobin manyan motoci, da mai kwanciya rigingine. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna.

Wanda aka tauye wa barci kwana da kwanaki, ranar da ya samu ya miƙe, jikinsa kan rama barcin motsin idon da ya rasa, mafarkai su zo masa masu kauri. Wannan ba ciwo ba ne. Abin da ke buƙatar ganin likita shi ne akasin dannau, wato mutum, musamman dattijo, ya riƙa kai naushi da shuri cikin barci yana bin abin da yake mafarki, domin hakan kan zama alamar farko ta cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwar jiki.