Me ya sa dutsen siminti ba ya sakin iskarsa sai wuta ta kai maƙura?

Wanda ya taɓa wucewa ta Ashaka a jihar Gombe, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Malbaza a Nijar, ya ga inda ake gasa dutsen farar ƙasa don yin siminti. Dutsen nan ya shekara miliyoyi a kwance, rana na dukansa, bai canja ba. Amma da ya shiga tanderu, sai ya rabu biyu: ƙonanniyar farar ƙasa, da iskar kabon dayoksaid da ke ficewa. Dutse ɗaya ne. Me ya sa ya ƙi a waje, ya yarda a ciki?

Amsar tana wajen wani Ba'amurke, Josiah Willard Gibbs, malami a jami'ar Yale, wanda ya shimfiɗa wannan lissafi a shekarun 1870. Ga yadda masana kemistiri ke rubuta shi yau:

ΔG = ΔH − TΔS

ΔG, wato canjin 'yantaccen makamashi, shi ne alƙali. In ya faɗi ƙasa da sifiri, canjin zai iya tafiya da kansa. In ya haura sifiri, ba zai tafi ba, akasinsa ne ma ke da hanya. ΔH shi ne zafin da canjin ke haɗiya ko fitarwa. ΔS kuwa ma'aunin bazuwa ne, wanda ake kira entirofi: ƙwayoyin da ke daskare cikin dutse a takure suke, na iska kuma sun samu fili. T shi ne zafin wurin.

A dubi inda T ya zauna. Ba ya taɓa ΔH, bazuwa kaɗai yake ninkawa. Nan gizo ke saƙar.

Mu ɗauki giram 100 na dutsen. Kafin ya rabu zuwa giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa da giram 44 na iska, sai ya haɗiyi zafi kilojul 178. Wannan kamar bashi ne a kansa. Abin da zai biya da shi ita ce bazuwa, tunda iska za ta fito daga dutse, kuma ƙimarta kilojul 0.161 ce a kowane digiri na ma'aunin Kelbin. A zafin ɗaki, digiri 25 na Salshiyas, wato Kelbin 298, in aka ninka za a samu kilojul 48 kacal. A cire 48 daga 178, saura 130 sama da sifiri. Dutse na nan daram.

To, a kai shi digiri 1,000, wato Kelbin 1,273. Bashin bai motsa ba, 178 ne. Amma ɓangaren bazuwa ya kumbura ya kai 205. Yanzu ΔG ya koma 27 ƙasa da sifiri, dutse ya fara sakin iskarsa. Mararrabar tana inda biyun suka yi kunnen doki: a raba 178 da 0.161, a samu wajen Kelbin 1,100, kimanin digiri 830 ke nan. A aikace sai an kusanci digiri 900, domin ΔH da ΔS su ma suna ɗan gocewa in wuta ta yi tsanani. Lissafin nan kiyasi ne, amma kiyasi mai nuna hanya.

Ba kowane canji ke juyawa haka ba. Wanda ke fitar da zafi kuma yake ƙara bazuwa, kamar cin gawayi a murhu, ba shi da mai ja da shi, ΔG ɗinsa na ƙasa da sifiri ko sanyi ko zafi. Juyin na faruwa ne kawai idan ɓangarorin biyu suna jan zare: ɗaya na so, ɗaya na ƙi, sai zafin wurin ya raba gardama. Shi ya sa a sanyi labarin dutsenmu ke komawa da baya. Ƙonanniyar farar ƙasar da aka jiƙa aka shafe bango da ita tana zuƙo kabon dayoksaid daga iska sannu a hankali, ta sake zama irin dutsen da ta fito daga ciki.

Ɗalibai kan yi tuntuɓe a wuri biyu. Wani ya sa 25 a gurbin T maimakon 298. Wani ya ga an rubuta ΔS da jul, 161, ya haɗa shi da kilojul bai mai da shi ba, sai amsa ta ce masa dutse zai tarwatse a tsakar gida. Duk wanda lissafinsa ya faɗi haka, ya leƙa waje ya ga duwatsu na zaune lafiya, ya san ya yi kuskure.

Akwai kuma abin da, a ganina, kalmar “da kansa” ke yaudarar mutane a kai. Alƙalin nan izini yake bayarwa, ba ya faɗin ranar tafiya. Buhun gawayi na da cikakken izinin ci da wuta, amma zai shekara a kicin bai yi ko hayaƙi ba, sai an ƙyasta masa ashana.