Ɗigo Shida da Tsinke: Yadda Yaro Makaho Ke Fara Rubutu

Iyayen da Allah ya ba su ɗa makaho a Mubi sukan ji labarin makarantar masu buƙata ta musamman da ke Jada, ko ta Gindiri a Jihar Filato, wadda aka buɗe tun 1953. Duka biyun tafiya ce mai nisa, kuma ba kowace uwa ce za ta iya rabuwa da ɗan shekara shida ba. Sai dai matakin farko na karatun ana iya ɗaukarsa a tsakar gida, muddin mai koyarwar ya fahimci yadda allon rubutun makafi yake aiki.

Tsarin da Louis Braille, Bafaranshen da ya makance tun yana ƙarami, ya wallafa a 1829 ya ginu ne kan gida mai ɗigo shida. Ɗigo na 1, 2 da 3 suna jere daga sama zuwa ƙasa a hagu, na 4, 5 da 6 kuma a dama. Harafin a ɗigo na 1 ne kaɗai, b kuwa na 1 da na 2. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, su ma an ware musu nasu alamomin.

Kafin yaro ya taɓa takarda, a samo kwalin ƙwai a yanko gurbi shida, a ba shi duwatsu. A ce masa, "Sa dutse a gida na ɗaya da na huɗu," har sai hannunsa ya daina laluben lambar. Daga nan sai ɗigon gaske, wanda tazararsa da ɗan'uwansa ba ta wuce milimita biyu da rabi ba. Da tsokar kan yatsa ake karatu, a hankali, hannu biyu suna bin layi daga hagu zuwa dama. In ka ga yaro yana goga yatsa sama da ƙasa a kan harafi ɗaya, ƙirga ɗigo yake yi, bai riga ya gane siffar ba, kuma dannawar da yake yi za ta baje rubutun. Lokacin hunturu, da iskar Mubi ke busar da fata, a shafa masa ɗan mai tun da wuri, ya shige jiki kafin a ɗauko takarda.

Wahalar tana wurin rubutu. Allon faranti biyu ne masu maƙale da juna, na sama yana da tagogi, na ƙasa yana da ƙananan ramuka shida a ƙarƙashin kowace taga. Ana sa takarda mai kauri a tsakani, a riƙa dannawa da tsinke mai kama da gajeriyar basilla. Tunda ɗigon ta bayan takardar yake ɓullowa, dole a fara daga dama a nufi hagu, sai an gama a juya takardar a karanta. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a farawa daga dama ba. Abin da ke rikita yaro shi ne ɗigo na 1, 2 da 3 sun koma gefen dama na tagar.

Mu ɗauki kalmar dawa. Harafin d ɗigo na 1, 4 da 5 ne, w kuma na 2, 4, 5 da 6. Idan yaro ya huda waɗannan biyun a gefen da ya saba jin su wajen karatu, da an juya takarda d ya zama f, w ya zama r. Ya nufi dawa, ya rubuta fara. Haka e ke musanya da i, h da j. Malamin da ya ga irin wannan kuskuren yana maimaituwa ya san gefe ne ya rikice wa yaron, haruffan kam ya haddace su.

A ganina, mafi munin abin da za a faɗa wa yaro shi ne "juya harafin". An ɗora masa haddar siffa biyu ke nan ga kowane harafi. Gara a ce masa gefen da ya fara tararwa, a karatu ko a rubutu, nan ne 1, 2 da 3 suke. Sai ya riƙa kiran lambar da baki yana hudawa, ya fara da cika gida shida-shida layi guda, yatsan hagu yana biye da tsinken don kada ya tsallake taga.

A duba riƙon tsinken ma. A tsaye yake shiga. In ya karkace, takarda ta yage ko ɗigon ya fito rabi. Fallen littafin makaranta ya yi laushi, ɗigonsa ba ya jure yawan shafa, amma bangon littafin ko tsohuwar kalanda suna yi. Idan ya yi kuskure, ya cike gidan da ɗigo shida ya wuce gaba, domin ɗigon da aka danne da farce yakan bar tabon da yatsan yaro zai karanta a matsayin harafi.