Maganin hana daskarewar jini da kan jawo gudan jini

Hefarin allura ce da likitoci ke yi wa wanda aka yi wa tiyata, ko mai doguwar jinya a kwance, ko mai wankin ƙoda, domin kada jini ya daskare a jijiyoyinsa. Sai dai a jikin wasu 'yan ƙalilan, maganin kan juya ya haifar da abin da aka ba da shi don hanawa. Likitoci na kiran matsalar HIT a taƙaice.

A cikin jini akwai ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni, filatilet, waɗanda yawansu a jikin mai lafiya kan kama daga 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita. Hefarin kan manne wa wani sinadari da suke fitarwa, sai garkuwar jiki ta ɗauki haɗin a matsayin baƙo, ta kai masa hari. Harin ba kashe ƙwayoyin kawai yake yi ba, zuga su yake yi su dunƙule. Shi ya sa adadinsu ke faɗuwa a gwaji, alhali gudajin jini na toshe jijiyoyi. Ba kasafai mai ita ke zubar da jini ba.

Mu ɗauka wani manomi ya karye a cinya a hatsarin babur tsakanin Funtua da Malumfashi, aka yi masa aiki, aka fara hefarin ƙwayoyinsa na 280,000. Ran kwana bakwai suka koma 110,000, ƙafarsa mai lafiya ta kumbura. Abu huɗu likita zai auna. Faɗuwar ta wuce rabi. Ta zo tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da garkuwar jiki ke ɗauka kafin ta shirya. Ga kuma sabon gudan jini. Na huɗu shi ne ko akwai wani dalili daban, kuma a nan yankinmu ke da tarko: maleriya ma tana rage filatilet, musamman da damina, don haka sai an gwada kafin a ɗora mata laifi. Tabbatarwa na buƙatar gwaji na musamman da babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya fi dacewa ya jagoranta, amma ba a jiran sakamako idan zargi ya yi ƙarfi.

Nan take ake tsayar da kowane irin hefarin, a maye gurbinsa da wani maganin kamar ribarosaban, domin tsayarwa kaɗai ba ta kawar da haɗarin. Ba a fara wafarin sai ƙwayoyin sun farfaɗo, don yana iya sa yatsu su ruɓe. Ƙarin filatilet kuwa sai in jini na zuba.

Masu jinya su lura da kumburin ƙafa, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko baƙin tabo a wurin allura, ko da bayan sallama ne. Wanda ya taɓa kamuwa ya sa a rubuta a katinsa, domin idan aka sake yi masa hefarin cikin 'yan makonni, ƙwayoyin na iya faɗuwa a rana guda.