Sulusin Tsakiya: Inda Nauyi Ya Kamata Ya Sauka a Kan Ginshiƙi

Wata rana na je duba wani gini da ake ƙara wa baranda, sai na tarar da birkila ya ɗora bim a kan ginshiƙin bulo. Ginshiƙin kuwa babu laifi a jikinsa, a miƙe yake sambal, an cika shi da siminti yadda ya kamata. Matsalar ita ce bim ɗin ya ɗan gaza tsawo, don haka bakinsa kawai ya hau gefen ginshiƙin, abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da na yi magana sai ya ce, “Ranka ya daɗe, ai nauyi nauyi ne. Ko a tsakiya ko a gefe, ginshiƙin nan ne dai zai ɗauka.” Ya faɗi rabin gaskiya. Nauyin bai ƙaru ba ko da kilo ɗaya, amma yadda yake rarrabuwa a cikin ginshiƙin ya sauya gaba ɗaya. Duk yarinyar da ta taɓa ɗaukar tulu daga rijiya ta san wannan ba tare da lissafi ba: idan gammo ya zame gefe, ruwan bai ƙaru ba, amma wuya ya san an yi sauyi.

Maganarmu a kan gajeren ginshiƙi ce, wato wanda tsayinsa bai kai ya lanƙwashe ba. Dogon ginshiƙi siriri yakan lanƙwashe kamar karan dawa tun kafin kayan da aka yi shi da su su gaza, kuma wannan wani lissafi ne daban da Leonhard Euler ya warware tun 1744. Shi gajere ba ya lanƙwashewa, sai dai ya murƙushe ko ya tsage. A ƙa'idojin gini, idan tsayin bai wuce kaurin sau 12 zuwa 15 ba, gwargwadon ƙa'idar da ake bi, akan ɗauke shi gajere.

Mai son ganin abin da idonsa ya samo guntun soson katifa, ya ɗora ɗan katako a kai, ya danna tsakiyar katakon da yatsa. Soson zai lotsa daidai wa daida ta ko'ina. To ya matsar da yatsan gefe kaɗan. Ɓangaren da yatsan ya nufa zai ƙara lotsawa, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗan saki. Idan ya ci gaba da matsarwa, akwai wurin da zai kai ya ga katakon ya ɗaga daga kan soson a can ɗaya gefen, har haske na shiga tsakaninsu. Wannan wurin da ɗagawar ke farawa shi ne abin da injiniyoyi suka auna suka sa wa ƙa'ida.

Bari mu sa lamba. A ce ginshiƙinmu murabba'i ne, santimita 30 kowane gefe, na bulo ko dutse, babu rodi a cikinsa. Na zaɓi 30 ne don lissafin ya zo da sauƙi. Faɗin samansa ya zama murabba'in santimita 900. A ɗora masa kilo 9,000, wato tan 9. Idan nauyin ya sauka a tsakiya cif, kowane murabba'in santimita zai ɗauki kilo 10, babu wanda ya fi wani wahala.

Da zarar nauyin ya kauce daga tsakiya, sai ya koma yana aiki biyu. Yana danna ginshiƙin ƙasa kamar da, sannan yana neman karkatar da shi. Karkatarwar nan tana ƙara matsi a gefen da nauyin ya nufa, tana rage shi a gefen da ya baro, kuma abin da ta ƙara a nan shi ta rage a can. Ga yadda ake rubuta shi:

```
σ = (P / A) × (1 ± 6e / d)
```

P shi ne nauyin, A faɗin saman ginshiƙin, e tazarar da nauyin ya kauce daga tsakiya, d kuma kaurin ginshiƙin ta fuskar da aka kauce. Alamar ƙari ta gefen kusa ce, ta ragi kuma ta gefen nesa.

A matsar da nauyin santimita 2.5 kacal. Shida sau 2.5 ya ba da 15, a raba da 30 a sami rabi. Ke nan gefen kusa ya tashi daga kilo 10 zuwa 15, na nesa ya sauka zuwa 5. Kaucewar da ba ta wuce inci ɗaya ba ta ƙara wa gefe guda rabin kayansa. A ƙara matsarwa ta kai santimita 5. Yanzu gefen kusa yana ɗauke da kilo 20, ninki biyu na abin da ya fara da shi, gefen nesa kuwa ba ya ɗauke da komai. Yana nan manne, amma hutawa yake yi.

Santimita 5 ɗin nan sudusin 30 ne. Sudusi ta dama, sudusi ta hagu, idan aka haɗa sun zama sulusi, kuma wannan sulusin yana tsakiyar ginshiƙin ne. Daga nan sunan ƙa'idar ya samo asali: a raba kaurin ginshiƙi gida uku, muddin nauyi ya sauka a cikin kason tsakiya, to ko'ina a jikinsa matsi ne, babu inda ake jan sa. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ba zai sha wahalar riƙe waɗannan kalmomi ba.

Me ya sa ake gudun ja haka? Saboda bulo da dutse da kankaren da ba rodi gwanaye ne wajen jure danniya, amma ragwaye ne idan aka ja su. Kankare ba ya jure ja sai kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na matsi. Layin simintin da ke tsakanin bulo da bulo ya fi haka rauni, shi ya sa mai lissafi da hankali yakan ɗauka ba ya jure ja ko kaɗan.

Yanzu mu koma kan bim ɗin birkilan nan. A ce santimita 10 na bakin bim ne suka hau ginshiƙin. Tsakiyar wurin da ya zauna tana santimita 5 daga baki, wato santimita 10 daga tsakiyar ginshiƙin. An fita daga sulusin tsakiya da nisa. Idan aka bi lissafin sama, zai ce gefen kusa kilo 30, gefen nesa kuma ja na kilo 10. Amma a nan lissafin ya daina faɗin gaskiya, domin ya ɗauka ginshiƙin zai iya riƙe jan, alhali ba zai iya ba. Abin da zai faru shi ne layin siminti ya buɗe ta gefen nesa, ɓangaren da ya buɗe ya fita daga aiki, ragowar kuma ta ɗauki kayan duka.

Nawa ne ragowar? Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: a auna tazarar da ke tsakanin nauyin da bakin da ya fi kusa da shi, a ninka sau uku. A nan santimita 5 sau uku, 15. Rabin ginshiƙin ne kawai ke aiki. Matsin kuma ba daidai yake ba a wannan rabin, yana farawa daga sifili a bakin tsagar ya hau har ƙololuwa a gefen kusa, don haka ƙololuwar ninki biyu ce ta matsakaicin. Kilo 9,000 a kan murabba'in santimita 450 ya ba da 20, ninki biyu 40. Ginshiƙin da aka gina don kilo 10 ga shi yana shan 40 a baki ɗaya, kuma ba a ƙara masa ko bulo guda na kaya ba. Idan nauyin ya ƙara zamewa da santimita 2.5, abin da ke aiki ya koma santimita 7.5, matsin ya kai 80. A cikin sulusin tsakiya matsi a hankali yake hawa, a wajensa kuwa da gudu.

Akwai wani tarko da ko ɗaliban injiniya kan faɗa. Nauyi yana iya kaucewa ta fuska biyu lokaci guda, a ce santimita 4 gabas da santimita 4 kudu. Kowace ita kaɗai ba ta kai 5 ba, sai mutum ya ce lafiya lau. Ina! Ragin biyun haɗuwa suke yi a kusurwar arewa maso yamma, kowanne kilo 8, jimla 16, alhali matsin asali 10 ne. Kusurwar ta shiga ja. Wurin aminci a ginshiƙi mai kusurwa huɗu ba murabba'i ba ne, siffar lu'ulu'u gare shi, mai tsini huɗu, kowane tsini na kai wa sudusi. Ginshiƙi mai zagaye kuwa nasa ya fi ƙunci: sumunin faɗinsa kawai aka yarda a kauce, wato santimita 3.75 a mai faɗin 30.

Ƙa'idar tsohuwa ce. Injiniyan Faransa Navier ya kawo ta a darussansa da aka buga a 1826, daga baya Rankine na Glasgow ya yaɗa ta wajen lissafin katangu da madatsun ruwa. A madatsar ruwa abin ya fi muni, domin tsagar takan buɗe ne ta fuskar da ruwa yake, ruwan ya kutsa ciki ya riƙa ɗaga ginin daga ƙasa, tsagar ta ƙara zurfi. Madatsar Bouzey ta dutse, kusa da Épinal a Faransa, ta ɓalle a 1895 ta hallaka mutane da dama, kuma bayan ta ne aka tsaurara lissafin irin wannan ɗagawar ta ruwa. Maginan ƙasa na gargajiya su ma sun gano maganin ta hanyarsu. Katangar tubali da ake wa gindi mai kauri ta riƙa sirancewa zuwa sama, kamar yadda ake gani a tsofaffin gidaje da ganuwa, ko ta ɗan karkata nauyinta na sauka a tsakiyar gindin.

Wani zai ce ai yanzu da rodi ake zuba ginshiƙi. Haka ne, kuma ginshiƙin da aka lissafa rodinsa don wannan aiki yana iya ɗaukar nauyin da ya fita daga sulusin tsakiya, tunda rodi na riƙe ja. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai fandisho, shi kuma a kan ƙasa yake zaune, ƙasa kuwa ba ta riƙe abin da ke ɗagawa. Ana yawan ganin wannan a ginin da aka kai shi har iyakar fili, inda mai gida ba ya son asarar ko taku ɗaya, sai a dasa ginshiƙi a bakin fandisho maimakon tsakiyarsa. Gefe guda ya nutse, ɗaya ya saki. Maganin da aka saba shi ne a ɗaure wannan fandishon da na ginshiƙin ciki da bim mai ƙarfi, ko a haɗe su su zama ɗaya.

Alamar ciwon ba ta da wuyar ganewa. Tsaga ce a kwance, mai bin layin siminti, a gefen da ke nesa da inda bim ya zauna, bakinta a buɗe daga waje tana tsukewa zuwa ciki. A gefen kusa kuma filasta na ɓarewa, ko bakin bulo na marmashewa, wani lokaci da ƙananan tsagogi a tsaye. Wanda ya ga waɗannan biyun tare kada ya sa a shafe da siminti a yi fenti. A tokare bim ɗin tukuna, sannan a kira injiniya. Mai gini kuma, kafin a ɗora bim ko tankin ruwa a kan ginshiƙin bulo, ya karɓi tef da alli ya raba saman gida uku ta kowace fuska, ya tabbata tsakiyar kayan ta sauka a tsakiyar gidan tsakiya.