Tallar Sabon Kek Cikin Daƙiƙa Talatin

Daƙiƙa 30 a rediyo ba ta ɗaukar abin da ya wuce kalmomi 60 zuwa 70 na Hausa, in ana so mai sauraro ya ji kowace kalma. Kiɗan buɗewa da na rufewa ma suna da nasu kaso. Saboda haka mai ƙaramin gidan kek da ta fito da sabon ɗanɗano, a ce na dabino da kwakwa, dole ta haƙura da batun donot da cincin da kek ɗin biki. Labari ɗaya za a bayar, kuma shi ne sabon kek.

Ga yadda rubutun zai iya kasancewa, da muryoyi uku:

Baƙuwa: Hajiya, wannan ƙamshin daga ina?

Hajiya: Sabon kek ne daga Gidan Kek na Wance, na dabino da kwakwa.

Baƙuwa: Dabino a kek? Ɗan yanko min in ɗanɗana. Kai! Ga laushi, ga zaƙi!

Mai sanarwa: Kek ɗin dabino da kwakwa, ana gasa shi kullum da safe. Gidan Kek na Wance, daura da masallacin Juma'a. Ku zo Asabar ɗin nan ku ɗanɗana kyauta. Gidan Kek na Wance!

Sau uku sunan shagon ya fito, domin mai sauraro yana tuƙi ne ko yana girki, kuma ba a mayar da rediyo baya. Mamakin baƙuwar ma da gangan aka sa shi: tambayar da ke zuciyar mai sauraro ce ta yi, ta ba ɗanɗanon damar fitowa karo na biyu.

Babu lambar waya, kuma a nan ake yawan gardama da masu shago. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce; karanta ta sau biyu zai cinye kusan rabin lokacin, ga shi ba kowa ke riƙe da biro ba. A ganina kwatance da wurin da kowa ya sani ya fi zama a ka, sai dai a haɗa da sunan unguwa, tunda masallacin Juma'a ba ɗaya ba ne a gari. In shagon na oda ne kawai daga gida, to lambar ta shiga, a cire tayin Asabar.

Kada a ce kek ɗin ya dace da masu ciwon suga don an sa dabino. Dabino kansa cike yake da suga.

Kafin a biya kuɗin ɗauka, a karanta rubutun a bayyane ana duba agogo. In ya kai daƙiƙa 28 ba tare da kiɗa ba, ya yi yawa: mai sanarwa zai riƙa haɗiye kalmomi, kuma kwatancen shagon da ke can ƙarshe ne zai fi shan wahala.